Ranar da Aka Tace Littafin Autana

Ban yi boko ba. Abin da kuke karantawa daga bakina ya fito, jikata ce ke riƙe da alƙalami. Na ce mata kada ta gyara mini zance, in ta ga na koma baya, ta bi ni mu koma tare.

Autana ya rasu a ƙarshen damina, lokacin da ruwan gulbin Komadugu ya dawo ana dashen tattasai. Ciwon hanta ne. Ya kwanta ba daɗewa, idanunsa suka canja, aka ɗauke shi a mota za a kai shi babban asibiti, ba su yi nisa ba suka juyo da shi. Ya bar mata ɗaya da ƴaƴa uku. Ni ban yi kuka ba. Mata suna shigowa suna faɗuwa a jikina, ina riƙe su ina ba su haƙuri, kamar ɗan wani ne ya tafi. Aka ce ina da tawakkali. Ni dai na san abin bai kai ga inda ake jin ciwo ba, ya tsaya a hanya.

A wajenmu ba a sallatar mutum sai an tambayi jama'a. Ƙanena, wanda ke sayen tattasai yana lodi zuwa ƙetaren gulbi, shi ya tashi a gaban sahu ya ce duk wanda ke da haƙƙi a kan mamacin ya faɗa yanzu, ko ya same shi a gida, don kada a rufe yaron da kayan wani a wuyansa. Mutum ɗaya ya ce ya ba mamacin aron tiyon ban ruwa. Kafin a dawo daga maƙabarta an kai masa tiyonsa. Na ji an ce shi ke nan, babu saura. A kan wannan na zauna.

Yaron ma'aikacin gona ne. Yana aiki a wani furoje na taimakon manoma a nan Diffa, yana yawo da babur garin masu tattasai, yana auna rijiyoyi, yana duba ƙasar da gishiri ya fara ci. A shekarunsa na ƙarshe ya shiga wani karatu na nesa. Makarantar tana can ƙasar Turawa, shi yana nan, darasi yana zuwa masa ta na'urar da ke biro, wato ofishinsu. An ce in ya rubuta littafi guda a kan ban ruwan tattasai a kwarinmu, aka karɓa, za a ba shi babbar takarda. Ya gama littafin, ya aika, sannan ya kwanta. Abin da na sani ke nan.

Sanyi ya shigo, an fara tsinkar fari ta tattasai, sai ƙanena ya zo mini da hantsi bai zauna a inda ya saba zama ba. Ya tsaya a bakin rumfa yana karkaɗe hularsa.

"Yaya, akwai wata magana a kasuwa."

Na ce ina ji.

"Wai makarantar ta saka littafin yaron nan a na'ura, na'ura ta ce rabinsa na mutane ne. Wai ɗebo shi ya yi."

"Wa ya ce?"

"Kowa. An buga takardar a bironsu, wani ya gani, ya faɗa wa wani. Har wani mai auna buhu yana tambayata ko gaskiya ne. Na kusa marinsa."

Shi abin da ya dame shi sunan gida ne, da abin da yara za su ji a lakwal wajen ƴan ajinsu. Ni ba nan hankalina ya je ba. Na tuna yadda ya tsaya a gaban sahu yana tambaya, in ban da mai tiyo kowa ya yi shiru. To waɗanda aka ɗebi maganarsu ba sa cikin sahun. Suna can garuruwan da ban sani ba, ba su ji tambayar ba, an kuwa rufe yaron. In rabin littafi na mutane ne, mutum nawa ke nan? Ina zan same su? Ban ji tsoro ba, ban ji fushi ba. Aiki ne kawai na gani a gabana, irin wankin da aka tara, dole a yi shi.

Surukata tana cikin takaba, ba ta fita. Ta ji zancen ta bakin masu zuwa gaisuwa. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ɗauko ba.

Bayan kwana kaɗan shugabansa na wajen aiki ya aiko. Bafillace ne daga yamma, dogo, mai furfura a gemu, gwamnati ta turo shi nan da daɗewa. Shi makarantar ta naɗa ya riƙa duba aikin yaron a nan kusa, tun da su suna nesa, don haka yana da ikon buɗe abin da malaman can ke buɗewa. Ya ce zancen da ke yawo ya kai masa, yana so wani babba daga gidan ya zo ya gani da idonsa. Ƙanena ya ce shi zai je. Na ce tare za mu.

Biron ɗaki ne mai sanyi, da kwanon nan babba a kan rufi wanda ke kamo saƙo daga sama. Da muka isa an ɗauke kuran, babu wuta, sai da aka tada inji. Malamin da ya aiko mana ya ba ni kujerarsa, shi ya jawo benci. Ya yi mini ta'aziyya a karo na biyu, a hankali, da Hausarsa ta mutanen yamma. Sannan ya dubi ƙanena.

"Babarbare, kai ma ka zo? Na ce a turo babba."

"Uban gidanka ne ya zo duba aikin bawansa," in ji ƙanena. "Buɗe mu gani, kada ka ɓata mini rana. Ina da lodi."

Wasan da ke tsakaninmu Barebari da Fulani ke nan, ko a gidan makoki ba ya mutuwa. Suka yi ƴar dariya.

Ya buɗe littafin a na'urar. Ni ban san baƙi ba, amma ina ganin launi. A gefe akwai ɗan tabo ruwan ɗorawa da lamba kusa da shi. Cikin rubutun kuma an shasshafa wasu wurare da launuka, nan ja, nan shuɗi, nan wani iri, kamar zanen da rini ya kama wani wuri ya bar wani.

"Inna," in ji shi, "wannan lambar arba'in da ɗaya ce cikin ɗari. Ita ce aka gani aka ce rabi. Amma bari in fara gaya miki abin da na'urar nan ke yi. Ba ta san sata ba. Tana ɗaukar littafin, ta gwada shi da rubuce-rubucen da ke wajenta, na littattafai, na ɗalibai, da na shafukan da ke a buɗe ga kowa. Duk inda ta ga kalmomi sun jeru iri ɗaya, sai ta shafa launi ta ƙirga. Ko da izini aka ɗauka, ko ba izini, ko ma ba ɗauka aka yi ba, duk ɗaya ne a wajenta."

"To me amfaninta?" in ji ƙanena.

"Amfaninta ta nuna wa malami inda zai duba. Malamar da ke kula da su a can makarantar, da ta buɗe ajin a na'urar, ba ta ce a cire komai ba. Saboda haka kowane ɗalibi nasa ya fito da komai a ciki. Ta ga na yaronmu ya yi yawa, ta dakatar, ta ce in duba in ba ta bayani, tun da shi ba ya nan balle ya yi da bakinsa. Akwai abu uku da malami ke iya cewa a fitar daga lissafi. Zan yi su a gabanku ɗaya bayan ɗaya."

Ya gangara can ƙarshen littafin. Shafukan nan kusan duk launi ne, daga sama har ƙasa.

"Nan ne ya jera sunayen littattafan da ya karanta, da masu su, da shekarar da aka buga. Duk wanda ya karanta littafi ɗaya da shi, haka zai rubuta sunan, ba yadda za a canja. Shi ya sa ya yi kama da na mutane da yawa."

Na ce, "Wato nan sunayen masu kayan ne ya faɗa."

"Su ne, Inna."

Ya taɓa wani wuri. Na'urar ta yi jim, saƙon yana tafiya yana dawowa, sai launin shafukan ƙarshe ya ɗauke. Ya ce tana neman kan maganar da ke nuna an shiga jerin littattafai, ta tsallake abin da ke ƙarƙashinsa. Lambar ta sauko zuwa talatin da ƴan kai. Tabon yana nan ruwan ɗorawa.

Na biyu, ya nuna mini wasu ƴan ƙananan alamu a farkon wasu zantuka da ƙarshensu. Ya ce in marubuci zai kawo maganar wani yadda take, sai ya killace ta da waɗannan, kamar a ce "wane ya ce". Yaron ya kawo dokar ruwa ta ƙasa da tsawo, ya kawo maganar masana a kan gishirin ƙasa, duk a killace.

"Amma a nan sai da na yi aiki da idona," in ji shi. "Na'urar alamar kawai take gani. In mutum ya killace magana bai faɗi mai ita ba, za ta cire masa duk da haka. Na bi su ɗaya ɗaya. Kowace da sunan mai ita a gefe."

Ya taɓa. Muka jira. Injin yana ta ƙugi a waje. Da ta dawo, tabon ya zama kore, lambar ta koma sha tara.

Ƙanena ya miƙe tsaye. "Allahu Akbar! Ya canja! Yaya, kin gani? Kore!"

Na gani. Na tambayi malamin ko ya goge wani abu daga littafin yaron.

"Ko harafi ɗaya ban taɓa ba. Littafin yana nan yadda ya aiko shi. Rahoton na'urar ma shi ne dai na ɗazu. Abin da ake ƙirgawa ne ya canja. Duba." Ya sake taɓawa, launuka suka dawo, tabon ya koma ruwan ɗorawa. Ya kuma taɓawa, ya koma kore.

"Kai, bar shi a koren!" in ji ƙanena. "Bafillace da wasa da abin mutane."

Na uku shi ne ƙananan kamanni. Ya nuna mana ƴan guntayen launi da suka warwatsu ko'ina, kalma biyar, kalma bakwai. Ya karanta wasu ya juya mana da Hausa: sunan ma'aikatar gona mai tsawo, "a kwarin Komadugu lokacin rani", "sakamakon wannan bincike ya nuna cewa". Ya ce irin waɗannan ba na kowa ba ne, duk mai rubutu a kan abu ɗaya sai ya faɗe su. Malami yana iya gaya wa na'urar ta bar duk abin da bai kai kalma kaza ba. Shi ke zaɓen adadin.

Na ce, "Kamar rariya."

"Kamar rariya, Inna. Ni ke zaɓen girman idonta."

Ya sa goma. Guntayen suka zube, lambar ta koma shida. Shafuka da yawa suka yi fari tas. Saura wasu ƴan layuka a tsakiyar littafin, launi ɗaya duka, nan biyu, can uku, a shafuka kaɗan da ke bin juna.

Ƙanena ya matso da fuskarsa har tana kusa da gilashin. "In ka ƙara buɗe idon rariyar fa?"

Malamin ya sa arba'in. Da saƙon ya dawo babu launi ko ɗaya a littafin. Tabon ya zama shuɗi. Lambar babu komai.

"Shi ke nan!" Ƙanena ya tafa hannu. "Buga mini wannan. Buga guda goma. Ɗaya zan manna a rumfar masu auna buhu, ɗaya a tasha. In ga wanda zai sake buɗe baki."

"Zan iya bugawa," in ji malamin. "Amma a jikin takardar ana rubuta abin da aka cire, da adadin kalmomin da aka sa. Malamar can ma rahoton yana gabanta, taɓawa ɗaya za ta yi ya dawo. Kuma ko ba za ta gani ba, Alhaji, kalma arba'in ba ƙaramin kama ba ne. Zance ne cikakke, har biyu."

"Mutanen kasuwa sun san wani arba'in? Launi suke gani."

"Na sani. Ni ma na zauna a nan jiya da wannan shuɗin a gabana, na daɗe ina kallonsa. Yarona ne shi ma."

Ni ina kallon farin shafin. Ban ji daɗinsa ba, ban ji zafinsa ba. Na ce ya mayar da rariyar inda take ɗazu, ya gaya mini na wane ne waɗannan layukan da suka saura.

Ya mayar goma. Layukan suka dawo. Ya taɓa ɗaya, wani rubutu ya buɗe a gefensa, kalma bisa kalma iri ɗaya.

"Duk daga wuri ɗaya suke," in ji shi. "Rahoto ne na wani ma'aikacin ruwa da ya zauna a nan shekarun baya, ya auna zurfin ruwan ƙasa daga nan har wajen Bosso. An sa rahoton a shafin furojen, shi ya sa na'urar ta same shi. Yaronmu ya ɗauki bayaninsa guntu guntu ya saka tsakanin nasa. Bai killace ba. Na duba jerin sunayen ƙarshe, babu sunan mutumin."

"Mantuwa ce," in ji ƙanena da sauri. "Yaron yana fama da ciwo."

"Mai yiwuwa. Wannan babin ne ya rubuta na ƙarshe, yana zuwa biro yana kwanciya a kan bencin nan. Kuma rahoton na gidan nan ne, kullum yana hannunsu, har sun haddace shi. Amma ba zan ce na san abin da ke zuciyarsa ba. Abin da na sani, maganar ta wani ce, kuma ba a faɗi mai ita ba."

Na ce, "Sauran duk da ka cire, akwai mai haƙƙi a cikinsu?"

"Babu, Inna. Waɗancan ya ba kowa nasa."

"Wannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Wannan akwai."

To daga mutanen da ban san adadinsu ba, an dawo mutum ɗaya. Na tambaya ko yana da rai. Ya ce yana da rai, an maida shi yamma, can gefen babban kogi. Na tambaya ko ana samunsa. A shekarun nan wayar hannu ta riga ta shigo Diffa, har masu kifi suna da ita. Malamin ya ce ba ya da lambarsa amma ya san wanda ke da ita. Ya fita waje inda ake samun layi.

Ƙanena ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa ƙasa. "Yaya, me za ki yi? Mutumin bai sani ba. Ba wanda ya gaya masa. Ki kira shi ki ce ɗanki ya ɗaukar masa kaya? Da bakinki? Gobe yamma duk ta ji."

Na ce, "Kai ka tsaya a gaban sahu ka yi tambaya."

"Na yi. Ba wanda ya amsa sai mai tiyo."

"Shi wannan bai ji ba ne."

Ya koma ya zauna a kan bencin, sai ya tuna abin da aka ce game da bencin, ya tashi ya tsaya jikin bango.

Malamin ya leƙo ya ce in fito, an samu. Ya riga ya yi masa magana da Faransanci kaɗan, ban san iyakar abin da ya faɗa ba. Ya sa mini wayar a kunne, ya riƙe ta da hannunsa don ban saba ba. Rana ta take, muna tsaye a gindin wata bishiyar bedi kusa da injin, sai na toshe ɗaya kunnen.

Muryar ta dattijo ce, da Hausar da ta kwana biyu ba a yi ta ba. Muka gaisa. Ya tambayi Diffa, ya tambayi ruwa ko ya zo da kyau bana. Na ce ya zo. Na gaya masa ko ni uwar wane ce.

"A'a! Mai babur ɗin nan ja? Wanda ke cin tattasai ɗanye kamar goro? Yana ina? Ba shi in zage shi, ya manta da ni."

Na gane malamin bai kai ga faɗa masa ba. Na ce, "Ya rasu. Ƙarshen damina."

Sai na ji yana salati, yana maimaitawa. Na jira ya gama. Ina jin kukan akuya a bayansa, can garinsu.

Na ce masa yaron ya rubuta littafi, ya ɗauki maganarsa a kan zurfin ruwa ya saka ciki bai ambace shi ba, an rufe shi kuwa ba a tambaye shi ba. Na ce na zo neman yafiya a madadinsa.

"Wace magana?" in ji shi. "Wane rahoto?"

Malamin ya karɓi wayar ya tuna masa, ya mayar mini.

"Wannan? Hajiya, ni na manta ma na rubuta shi. Ban zaci akwai mai karanta shi ba. Don wannan kika fito cikin rana?"

Na ce don shi ne. Na ce ina so in ji da kunnena.

"Na yafe. Duniya da lahira na yafe. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari."

Na ce amin, na gode. Na ce wa malamin ya ɗauke wayar.

Muka koma ciki. Layukan suna nan da launinsu, lambar tana nan shida. Ƙanena ya dube ta ya ce, "To ba ta sauka ba? Ai an yafe."

"Ita ba ta san an yafe ba," in ji malamin.

Ya ce zai bar rariyar a goma. Zai rubuta wa malamar can abin da ya cire da dalilin kowane, ya nuna mata layukan da suka saura, ya gaya mata babu sunan mai su, ya roƙi a bar shi ya saka sunan a madadin yaron. Ya ce hukuncin nasu ne, ba ya da tabbacin abin da za su ce. Daga baya, da zafi ya shigo, sun yarda, aka saka sunan, takardar ta zo. Amma ran nan ba mu san haka ba, ni kuma ba ita na je nema ba.

Ƙanena ya karɓi bugu ɗaya na koren mai shida, ya ninke ya sa aljihu yana gunaguni, wai Bafillace ya hana shi shuɗi don baƙin ciki. Malamin ya ce Babarbare ko an ba shi shuɗin a juye zai riƙe takardar. A bakin ƙofa suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba.

A hanya na yi ta sauraren jikina, ko wani abu zai sauka, ko wani abu zai taso. Muka wuce inda aka shanya tsinkar fari, ja har bakin hanya, mata suna juyawa da sanduna. Suka gaishe ni, na amsa. Ƙafafuna ne kawai ke ciwo.

Na shiga ɗakin surukata. Tana zaune a tabarma da farin mayafinta, ƙaramin ɗanta yana barci a cinyarta. Na zauna a bakin gado na huta kafin na yi magana.

Na ce, "Ba rabi ba ne. Mutum ɗaya ne. An same shi, ya yafe."

Ta daɗe tana kallon kan yaron. "Inna, da gaske ya ɗauka?"

"Ya ɗauka. Kaɗan."

"Da saninsa?"

"Babu wanda ya sani."

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta ce in gaya mata sunan mutumin, tana so ta riƙa sa shi a addu'a.

Na nemi sunan a kaina. An faɗe shi a gabana ya fi sau uku, a ɗakin da kuma gindin bedin. Babu shi. Na ce mata gobe in ƙanena ya zo za mu tambaye shi. Ta ce to. Muka zauna har aka kira la'asar, na tashi na ɗauki buta.